Kunnen Farfesa

A takardar ɗaukar aiki masinja aka rubuta masa, amma duk wanda ya kira Kawuna masinja a gabansa ya sayi rigima. Shekara talatin da ɗaya ya yi a sashen nazarin harshe na jami'a. Shi ke buɗe ƙofofi da safe, shi ke kai fayil daga ofis zuwa ofis, shi ya san wace fanka ce ba ta tashi sai an tura ta da tsinken tsintsiya. Duk wannan a wurinsa aikin gefe ne. Aikinsa na gaske, in ji shi, kunne ne. Ɗalibai ma haka suka sa masa suna, Kunnen Farfesa, kuma yana amsawa da fara'a.

Yayan mahaifiyata ne. A gidansa na tashi tun ina 'yar shekara tara, kuma da yake sunan uwarsa aka sa mini, bai taɓa kama sunana ba, sai dai Uwata. Karatun boko bai yi nisa ba. Yana gane lambobi, yana haɗa baƙi a hankali da yatsa, shi ke nan. Amma in ya buɗe baki, kai ma ka san akwai harshe a nan. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce da magana ana sayar da ita da tuni sun gina bene.

Ga yadda ya zama kunne. Farfesa masanin ginin jimla ne, wato yana binciken irin jimlolin da mai harshe zai ji sun zauna, da irin waɗanda kunnensa zai tofar. A wannan fage, jimlar da ba ta faɗuwa akan sa mata ɗan tauraro a gaba. Farfesa ya daɗe a waje yana karatu, ya dawo yana zargin kunnensa, sai ya nemi mutumin da boko bai gurɓata masa harshe ba. Bai yi nisa ba ya same shi a bakin ƙofa riƙe da makullai. Daga nan, kowace Talata da Alhamis bayan azahar, Kawu yakan shiga ofis mai lamba shida, ya tsaya gefen kabad, Farfesa ya karanto jimloli biyu-biyu, shi kuma ya ce wannan ta faɗu, wannan ba ta faɗu ba. Shekara ashirin da shida suna haka har Farfesa ya yi ritaya.

Littafin da ya fito daga wannan zama yana gidanmu, cikin leda, a saman kwaba, inda ko ƙuda sai da izini. A shafin godiya akwai layi ɗaya da ya ambaci Kawu, aka ce kunnensa bai taɓa kuskure ba. Na karanta masa wannan layi ya fi sau ɗari. In baƙo ya zo, sai ya ce, "Uwata, ɗauko littafin nan namu." Namu fa. Inna ta taɓe baki ta shige kicin.

Ba zan ɓoye ba, wannan layin ne ya kai ni sashen. Na yi digiri na farko, na yi na biyu, na shiga na uku, duk a ginin jimla, kuma kundina kacokan a kan babi na shida na littafin Farfesa na ɗora shi. Babin kuwa a kan tagwayen jimloli ya tsaya, lamba 47. Ta farko, 47(a), "Wace mota ka ji an sace?" ba ta da tauraro. Ta biyu, 47(b), "Wace mota ka ji labarin an sace?" tana da shi. Farfesa ya ce kalmar nan ta labari katanga ce, ba a tsallako da tambaya daga bayanta, kamar yadda aka nuna a wasu harsuna. Ina tuna ranar da na fara ganin tauraron, ina aji biyu. Na ɗaga hannu na ce ni kam ta yi mini daidai. Farfesa ya yi murmushi ya ce boko ta ci kunnena, in je in tambayi kawuna. Aji ya kwashe da dariya. Na ji kunya, na sauke hannuna. Abin mamaki, bayan shekaru ina ganinta da tauraro a gaba, sai ta soma yi mini ɗaci a kunne da gaske, har in na ji wani ya faɗi irinta a motar haya sai in ce a raina, wannan bai iya magana ba.

Rigimar ta taso ne ranar da na gabatar da rabin kundina a gaban malamai. Akwai wata sabuwar Dakta a sashen, siririya, ba ta da yawan magana, kullum da kwalbar ruwa a hannu. Na gama bayani ina jin kaina, sai ta ɗaga biro.

"Kin rubuta cewa masu harshe sun ƙi jimla ta 47(b)," in ji ta. "Su nawa ne?"

"Yana cikin littafin Farfesa."

"Na gani. Shi mutum nawa ya tambaya?"

Ta taga ina hango Kawu a kan bencinsa yana goge makulli da gefen riga.

"Ɗaya," na ce.

"Ɗaya. Wa ya karanta masa? Ya san abin da ake so ya ce? An canza mota da sata an gwada da wasu kalmomi, ko da jimla ɗaya aka yanke hukunci?"

Wani dattijon malami ya shiga tsakani, ya ce haka aka saba tun fil azal, masani ya zauna a kujerarsa ya auna da kunnensa, kuma da haka aka gina fagen nan gaba ɗaya. Dakta ta ce ba ta raina kujera ba. Ta ce inda aka sake gwada hukunce-hukuncen kujera da mutane da yawa, akasarinsu sun tsaya da ƙafarsu. Matsalar ita ce ba ka sanin wanne ne ba zai tsaya ba sai ka gwada, kuma wanda ya ƙirƙiro ra'ayi shi ne na ƙarshe da ya kamata a tambaya ko hujjarsa ta yi. Na fita ina tafasa. A raina na ce wannan mata ta zo ta zagi kawuna da ladabi, kuma sai na kunyata ta da nata makamin.

Ita ce kuwa ta koya mini makamin, wata biyu cur. Muka rubuta tagwaye takwas masu gini irin na 47, har da ita kanta, sauran da kalmomi daban-daban: gona da aka sayar, likita da aka sauya wa wurin aiki, gada da aka rufe. Muka raba su jeri biyu, yadda ba wanda zai ji 'yan tagwaye ɗaya gefe da gefe. In ta farko tana wannan jeri, ta biyu tana wancan, kowa kuma jeri ɗaya zai ji. Muka cakuɗa su cikin jimloli masu yawa na ɓad da sawu, wasu lafiyayyu kamar "Yarinya ta sayi takalmi," wasu ragargazazzu kamar "Takalmi ta yarinya sayi," don kada mutum ya gane abin da muke farauta, don mu ma mu gane wanda yake cika takarda ido rufe. Wata mai karanta labarai a rediyo ta naɗa mana su duka da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Kowa zai sa abin saurare a kunne, ya ji, ya zagaye lamba daga ɗaya zuwa bakwai. Ɗaya, ba mai faɗin haka. Bakwai, haka ake magana. Muna gaya musu ba jarrabawa ba ce, ba gaskiyar zance muke tambaya ba, ba kuma ƙa'idar makaranta ba, yadda ta sauka a kunne kawai. Mutum sittin da huɗu muka samu, direbobi, telolin bakin ƙofar jami'a, masu shara, ma'aikatan ɗakin karatu. Ba ɗalibin harshe ko ɗaya.

Kawu shi ya buɗe mana ɗakin gwajin, shi ya jera kujeru. Da ya ga masu shara suna zagaye lambobi, ransa ya ɓaci.

"Uwata, ana rabon aikin kunne a sashen nan, ni ina riƙe ƙofa?"

Dakta ta ce ba za a haɗa nasa da na sauran ba, tunda ya san jimlar tun ba yau ba. Amma in yana so ya yi, a ware takardarsa gefe. Ya zauna, ya gyara hula, aka sa masa abin saurare. Na lura yana ta waige-waige kamar mai neman wani a ɗakin. Da ya ga bango kawai ke gabansa, sai ya sunkuya ya kama aiki. Ya gama ya miƙo mini takarda yana murmushi, ya ce, "Duba ki gani ko na ci."

Ranar Litinin da safe muka zauna gaban kwamfuta a ofishin Dakta. Ragargazazzun jimloli sun kwanta kusa da ɗaya, lafiyayyu sun haye kusa da bakwai, wato mutanenmu sun saurara da gaske. Irin 47(a) suka sami matsakaicin shida da ɗigo huɗu. Na ce a raina, saura mai tauraro ta faɗi ƙasa warwas. Dakta ta gangaro da shafin. Shida da ɗigo biyu.

Na ce kuskure ne, an juya jerin. Muka koma takardu ɗaya bayan ɗaya har azahar. Ba kuskure. A duk tagwayen takwas haka abin yake, ba katanga, ba ko dakali. Shekara uku ina gini a kan tauraro, ashe ba kowa a ƙarƙashinsa. Sai wata dabara ta zo mini, na ce to, watakila mutanen yanzu ne harshensu ya lalace, na dattawa daban ne. Na zaro takardar Kawu daga jaka. Irin mai tauraro guda huɗu suka faɗo a jerinsa, kuma cikinsu har da ita kanta, ta motar da aka sace. Bakwai, bakwai, bakwai, bakwai. Ya ma danna biro har ya kusa huda takardar.

Dakta ba ta yi mini dariya ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Ta tura mini kwalbar ruwanta kawai.

Da la'asar na same shi a tsakar gida yana gyara rediyo, Inna tana kwashe shanya. Ban ko ajiye jaka ba.

"Kawu, in wani ya ce maka, wace mota ka ji labarin an sace, ya yi magana daidai?"

Ya ɗago ya kafa mini ido. Ba jimlar yake aunawa ba, ni yake karantawa. Na ga idonsa ya bi girata, ya bi bakina. Na daskarar da fuska kamar hoton katin shaida.

"To," ya ce, "ke yaya kika gani?"

"Ni na tambaye ka."

"Ai ba ki ba ni komai ba, Uwata. Farfesa shi yakan taimaka."

"Yakan taimaka da me?"

Sai ya ajiye sukurdireba ya yi mini bayani, cikin nishaɗi, kamar mai tona asirin sana'a ga magaji. Farfesa kullum mai kyau yake fara karantawa, da sauri, murya sake. In zai karanta marar kyau, sai ya cire tabarau, ya ja ta a hankali yana tsayawa a tsakiya, ya ƙare da, "Wannan ba ta faɗuwa, ko?" Wata uku kawai Kawu ya yi ya gane wannan. Daga nan bai ƙara faɗuwa ba.

"Faɗuwa a me?" na ce.

"A jarrabawar mana. Shekara ashirin da shida mutumin nan yana gwada ni, Talata da Alhamis, wani lokaci a gaban baƙi daga ƙasashen waje. Ko sau ɗaya ban kunyata shi ba. Yawanci ma ba na bukatar tabarau, da na ji na san amsar. Sai jefi-jefi yakan kawo mai wuya, wadda ni a kunnena lafiyarta lau, amma a ilimi ba daidai ba ce. Irin su ne nake duba fuskarsa."

Na zauna a kan turmi ban san na zauna ba. Inna ta tsaya da zani a hannu.

"Kawu," na ce, "ba jarrabawa ba ce. Shi bai san amsar ba. Daga bakinka yake ɗauka ya rubuta."

Ya yi dariya. "Farfesa guda? Da littattafai har rufin ɗaki? Ya tambayi mai makulli abin da bai sani ba?"

"Abin da ya sa ya kira ka ke nan. Bai yarda da kunnensa ba, ya yarda da naka. In ka ce ba ta faɗuwa, sai ya sa tauraro, a buga, a koyar. Ni ma da shi aka koyar da ni."

Dariyar ta tsaya a fuskarsa ta rasa inda za ta. Ya dubi Inna, ya dube ni, ya dubi rediyon da ke kwance ciki a buɗe.

"Wato in na ce masa ta faɗu, da ya rubuta ta faɗu?"

"Da aƙalla ya tsaya ya sake tunani."

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Wato ni ne malamin, ban sani ba." Sai ya juyo gare ni ya ce, "Guda nawa na ɓata?"

Ban sani ba a lokacin. Daga baya ni da Dakta muka sake zagaye da wasu tagwaye goma sha biyu daga littafin, goma suka tsaya daram. Na kai masa wannan labari da gudu, ina zaton zai ji sanyi. Ko kallon goman bai yi ba, biyun yake ta tambaya. Kwana uku abinci sai Inna ta yi da gaske. A na huɗu ya sa babbar riga ya ce in raka shi gidan Farfesa, shi ya ɗaura, shi zai kwance. A hanya, cikin motar haya, yana ta maimaitawa a ƙasan maƙoshi, "Ranka ya daɗe, tana faɗuwa. Ranka ya daɗe, tana faɗuwa." Tausayinsa ya kama ni har na juyar da kai ta taga.

Farfesa ya tsufa, ƙafa ta ƙi, amma kan yana nan. Muka same shi a falo da safe cikin kujerar roba mai saƙa, jaridu a gefensa. Ya yi murna da ganin Kawu har ya nemi tashi. Ya nuna masa kujera, Kawu ya ƙi, ya tsaya gefen kabad ɗin littattafai, hannu a baya. Bayan gaisuwa na yi bayanin gwajin, na miƙa masa takardar sakamako. Ya karanta sau biyu. Bai yi faɗa ba. Ya ce aiki ne mai tsabta, amma mutum sittin da huɗu da abin saurare a kunne suna sauri su koma bakin aiki, ba za su kai mutum ɗaya mai kunne na gaske ba.

"Ga shi nan tsaye," in ji shi. "Bari ki ji da kanki."

Ya sa aka miƙo masa littafin, ya buɗe babi na shida ba tare da ya nemi shafi ba. Ya karanta ta farko, da sauri, murya sake.

"Ta faɗu, ranka ya daɗe," in ji Kawu.

Sai hannun Farfesa ya tashi ya zare tabarau. Wallahi bai san ya yi ba. Ya ja ta biyun a hankali, ya ɗan tsaya bayan labarin, ya ƙarasa. Da aka ja ta haka, ni kaina sai da na ji ta karkace.

"Wannan ba ta faɗuwa, ko?"

Na dubi Kawu. Na ga ya cika ƙirji da iska, na ga leɓensa ya shirya abin da ya haddace tun daga gida.

"Ba ta faɗuwa, ranka ya daɗe."

Farfesa ya mayar da tabarau, ya dube ni da tausayi, ya ce, "Kin ji ko?" Na ji. Kawu ma da alama ya ji, don fuskarsa ta koma kamar ta wanda ya taka wani abu a duhu. Muka yi sallama, Farfesa yana cewa a gai da gida, a riƙa leƙo shi.

Muka fito daga ƙofar gidan, muka wuce shagon mai faci. A gindin wata bishiya ya tsaya, ya dafa ta da hannu ɗaya. Ban taɓa ganin hawayen Kawu ba sai ranar.

"Na shirya ta, Uwata. Tana nan a bakina. Da ya cire abin nan, sai ɗayar ta fito da kanta."

"Na gani, Kawu. Ba komai, mu je gida."

"Da komai." Ya share fuska da hannun riga. "A kundin naki, za ki faɗi yadda aka yi?"

Na ce zan rubuta cewa gwaji bai tabbatar da tauraron ba, in tsaya a nan. Ba sai na ambaci kowa ba. Dama haka na shirya, don in rufa masa asiri.

"A'a. Ki rubuta mutum ɗaya aka tambaya, kuma yana kallon fuskar mai tambaya. Ki rubuta ma'aikacinsa ne. In kin ɓoye, gobe wani zai sake kiran mai makullinsa." Ya ja numfashi. "Amma ki haɗa da takardar nan tawa ta ranar da aka juya ni ga bango. A san dai ina ji. Faɗin abin da na ji ne ban iya ba."